Bambancin buri, manufa da sakamakon koyo: takardar bita ga sababbin malaman firamare

Malamai, wannan takarda ta biyo bayan duba shirin darasin da kuka miƙa a makon farko na zangon karatu, inda aka ga yawancinku sun cika gurbin manufa da abin da ya kamata a kira buri.

Buri shi ne inda ƙasa take son ilimi ya kai 'ya'yanta bayan shekaru masu yawa. Kundin manufofin ilimi na Nijeriya, wanda ya fara fitowa a 1977, ya ambaci gina ƙasa mai haɗin kai da ƙarfi da dogaro da kai. Babu malamin da zai auna wannan a darasin minti 40, don haka ba a rubuta shi a shirin darasi, sai dai ya zama jagora wajen zaɓar abin koyarwa.

Manufa kuwa ita ce matakin da ake son ɗalibi ya taka kafin a kaɗa ƙararrawa. A manhajar ilimin bai ɗaya ta shekara 9 wadda hukumar NERDC ta tsara, kowane batu yana da gurbin manufofinsa, sannan ga abin da za a koyar, da ayyukan malami da na ɗalibai, da kayan koyarwa, da jagoran auna fahimta. Masanin ilimi Robert Mager ya nuna a 1962 cewa kyakkyawar manufa tana faɗin aikin da ɗalibi zai yi, da yanayin da zai yi shi, da mizanin da za a amince da shi. Saboda haka a rubuta: “A ƙarshen darasi, idan aka yi shifta ta kalmomi 10 masu ɓ da ɗ da ƙ, ɗaliban aji huɗu su iya rubuta 8 daidai.” Kalmomi irin su “sani” da “fahimta” a guje musu a nan, domin malami ba ya ganin abin da ke cikin kan yaro, amma yana ganin abin da ya rubuta ko ya lissafo ko ya rarrabe.

Sakamakon koyo ne ya fi rikita mutane, kuma da dalili, tunda shi ma da bakin abin da ɗalibi zai iya yi ake rubuta shi. Bambancin yana ga faɗi da lokaci. Sakamako yana tattara manufofin darussa da dama, ana neman shaidarsa a ƙarshen zango ko shekara, kuma a aikin da yaro bai taɓa gani ba. Yarinyar da ta ci shifta ranar Talata ta cika manufar darasi. Idan a ƙarshen zango ta rubuta wa kakarta wasiƙa ba ta rikita “baki” da “baƙi” ba, ba tare da an tuna mata ba, to sakamako ya samu.

A gyara shirin darasin mako na biyu bisa wannan, a miƙa wa mataimakin shugaban makaranta kafin ranar Alhamis, kuma kowace tambayar auna fahimta ta fito daga manufar da aka rubuta a saman shirin.