Rabon aikin rahoton gwajin fendulum, rukuni na 4

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aminu, Bilkisu, Sadiq, Nura, don Allah kowa ya karanta wannan har ƙarshe kafin ya ce "to".

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za mu miƙa rahoton. Tunda kun ɗora mini jagorancin rukuni a wannan karo, ga yadda na tsara rabon. Wanda ya ga an danne shi ya faɗa yau, kafin sallar isha'i. Bayan nan an rufe wannan magana.

Ban raba da yawan shafi ba, ban kuma raba da yawan sashe ba. Haka muka yi a rahoton da ya wuce, sashe ɗaya ga mutum ɗaya, kuma kun ga abin da ya faru: wanda ya samu jerin kayan aiki ya gama cikin minti goma ya tafi kallon ƙwallo, Sadiq kuwa ya kwana biyu yana fama da lissafi, maki kuma iri ɗaya muka samu. Yanzu da nauyin aiki na auna, wato awa nawa abu zai ci wa mutum.

Bilkisu, ke za ki ɗauki manufar gwajin, ka'idarsa, kayan aiki da yadda aka yi shi. Sassa huɗu ne a suna, amma uku daga ciki gajeru ne. Ka'idar ce ke son natsuwa: ki fara daga T = 2π√(L/g), ki nuna yadda ta koma T² = (4π²/g)L, sannan ki faɗi sharaɗinta, cewa tana aiki ne idan kusurwar lilon ƙarama ce, ƙasa da digiri 10. Na san ba ki da laftof. Ki rubuta da hannu ki ɗauki hoto, Nura zai buga.

Aminu, naka jadawalin sakamako da giraf. Tsayi biyar muka gwada, 0.40, 0.60, 0.80, 1.00 da 1.20 m, kowanne sau uku, kai-komo 20 kowane karo. T² a tsaye, L a kwance. Akwai awo ɗaya a 0.80 m da ya ba mu daƙiƙa 34.4, alhali 'yan uwansa 36.3 da 36.2 ne. Kada ka goge shi, kada kuma ka "gyara" shi ya yi kama da saura. Raba 36.3 gida 20 ka ninka sau 19, za ka ga kusan 34.5 ya fito. Ke nan 19 muka ƙirga muka tsayar da agogo, ni ce ma nake ƙirgar a lokacin. Ka bar shi a jadawali da alamar tauraro, ka cire shi daga matsakaici, ka rubuta dalili a ƙasa.

Sadiq, an hutar da kai daga lissafi. Tattaunawa a kan sakamako da kammalawa ne naka, kuma a ganina nan malam ya fi zuba ido. A ƙiyasin da muka yi a lab, gangaren layin ya kai 4.11 s²/m, wanda ya ba mu g wajen 9.61 m/s². A yankinmu ana sa ran kusan 9.78, don mun fi Turai kusa da layin ikweta, shi ya sa bai kai 9.81 da muka haddace ba. Gibin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da nake roƙo, kada ka rubuta "kuskuren ɗan Adam" ka tsaya nan, kowane rukuni haka zai rubuta. Ka tuna yadda muka riƙa jan ƙarfen gefe sosai don ya fi sauƙin ƙirgawa? Ina jin mun kai digiri 20. A wannan kusurwa T kan ƙaru da kusan kashi 0.8 cikin 100, wanda ke rage g da kusan kashi 1.5. Ka ga ya kusa cike gibin shi kaɗai. Sai ka ƙara da jinkirin yatsa wajen danna agogo, da fankar da muka manta ba mu kashe ba sai a tsayi na uku.

Nura, ba ka samu zuwa lab ba saboda rasuwar da aka yi muku, Allah ya jiƙan Baffa. Ba za mu ba ka sashen da sai wanda ya gani da ido zai iya rubutawa ba. Kai za ka yi lissafin g da ƙiyasin kuskure daga girafin Aminu, ka buga na Bilkisu, ka yi bangon rahoton da sunaye da lambobin rajista. Ku zauna da Aminu ranar Alhamis ya nuna maka yadda aka ɗaure zaren.

Ni ba zan rubuta komai ba sai taƙaitawar farko. Kafin wani ya ce Maryam ta zaɓar wa kanta mai sauƙi: ni zan ɗinke rahoton, kuma wancan karon da Aminu ya yi ɗinkin ya ci masa yini guda cur. Malam ma sai da ya rubuta a gefen shafi na uku da jan biro cewa kamar an tara mutum biyar suna magana lokaci ɗaya. Gaskiya ya faɗa. Wani ya ce "na auna", wani "mun auna", wani kuma ya kwafo umarnin littafin lab yadda yake, "ka auna tsayin zaren", kamar mu ne ke koya wa malam.

Don ɗinkin ya zo da sauƙi, mu yarda da waɗannan tun kafin a fara rubutu. Duk abin da muka yi a lab a rubuta shi da Turanci a salon "an auna", "an saki", abin da ya riga ya wuce, babu "ni" babu "mu". Ka'ida kuwa a salon abin da yake haka kullum. Tsayi L ne babba a ko'ina, kada na ga l ƙarami ko x. T lokacin kai-komo ɗaya ne, t kuma na 20 ɗin. Mita da daƙiƙa kawai, santimita ba ta shiga jadawali. Lamba biyu bayan ɗigo ga T, T² da g. Ƙarfen da ke lilo, sunan da littafin lab ya ba shi za mu riƙe daga farko har ƙarshe, ba ƙwallo a shafi na biyu, dutse a na huɗu ba. Times New Roman, girma 12. Kuma kowa ya shiga sashensa kai tsaye, kada ya sake gabatar da gwajin daga tushe, Bilkisu ta riga ta yi wannan.

Sassan su iso gare ni ranar Juma'a kafin la'asar. Wanda ya ga ba zai iya ba ya faɗa ranar Laraba, a san yadda za a yi. Shiru har Juma'a shi ne ba zan ɗauka ba. Zan yi gyara da Track Changes a kunne don kowa ya ga inda na taɓa masa. Jimla zan taɓa, da maimaici, da mahaɗin sashe da sashe. Lamba ko hujja ba zan canza ba sai na kira mai ita. Idan na datse maka sakin layin da kake ji da shi, ka yi haƙuri, wataƙila wani ya riga ka faɗa a sama.

Asabar bayan azahar mu haɗu ƙarƙashin dalbejiyar bayan laburare. Mutum ɗaya zai karanta rahoton da ƙarfi daga bango zuwa bango, kuma ba ni ba, don kunne na kama karon da ido ke tsallakewa. Duk inda muka ji murya ta sauya, mu sa alama. Daga nan kowa zai yi bayanin sashen da ba nasa ba cikin minti biyu, tunda malam kan nuna duk wanda ya ga dama ya tambaye shi daga ina 4π² ta fito.

Kuɗin bugawa da ɗauri mu raba biyar daidai, a ba Sadiq ranar Asabar ɗin. Aminu, ka taho da takardar da muka rubuta awon a kanta a lab, wadda mai kula da ɗakin ya sa wa hannu, za a liƙa ta a baya.

Nagode,
Maryam