Abincin mai jinya bayan zazzaɓin cizon sauro ko ɓacin ciki

Wannan daminar sauro bai raga mana ba. Autana mai shekara 9 ya yi kwana uku a kwance, da jikin ya yi sanyi kuma sai bakin ya ƙi. Ko ƙamshin girki ya ji sai ya yamutsa fuska ya ce, "Umma, bakina ɗaci." Tausayi ya sa na soya masa kaza da dafa-duka. Loma biyu ya yi, ya dawo da ita. Dole na koma tsarin da na taso na ga ana yi a gidanmu: kaɗan-kaɗan, akai-akai, ba dure.

Ranar farko ruwa-ruwa kawai za ki nema, uwargida. Ki dama koko ko kunun kamu tsararo, ba citta da yawa, ba barkono. Rabin kofi ya isa, bayan awa biyu ki ƙara. In zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kunun tsamiya ya fi komai wanke ɗacin baki. In gudawa ce ki ajiye tsamiyar, domin ita ma tana sakin ciki. Sai ki dafa shinkafa rabin gwangwani a ruwa mai yawa har ta narke, ki sa ɗan gishiri, ki ba shi da cokali. Ayaba nunanniya ma tana zama a ciki.

Mai gudawa ko amai, ruwan gishiri da sukari ya riga kowane abinci. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, a narka shi yadda aka rubuta a jiki. In babu, ki samu lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, ki sa sukari cokali 6 na shayi a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Kada ki ƙara don daɗi. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, yawan zaƙinsa ƙara zawon yake yi. Jariri kuwa a ci gaba da ba shi nono.

Kwana na biyu zuwa na uku nan ake shan wahala, don yunwa ta fara taɓa shi amma bakin bai buɗe ba. A nan farfesu ke aiki. Ki samu kazar gida, ki cire fata da kitsen, ki zuba albasa 1, tafarnuwa ƙwara 2, ɗanyar citta kamar kan yatsa, daddawa da gishiri. Ki rage wuta, ki bar ta har naman ya soma rabuwa da ƙashi, sannan ki kwashe man da ya taso. Romon kaɗai za ki fara ba shi, da ɗuminsa, a ƙaramin kofi. Nawa yaron da ya kurɓa sau uku sai ya ce in matsa lemon tsami, na san an kama hanya. Da yamma na yanka dankalin turawa 3 da karas a sauran romon, suka dahu luguf, na farfasa da ludayi ya zama fate. Mu da muka zauna Jos mun san faten acca ma haka yake, ba ya nauyi a ciki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: maganin zazzaɓin nan na kwana uku, mai artemether da lumefantrine, ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai ɗan maiƙo. Ki haɗa shi da madara ko kunun gyaɗa, kuma a shanye shi duka ko da an ji sauƙi.

Daga kwana na huɗu sai tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, mai kaɗan. Ki zuba a ƙaramin kwano, don malmala babba tsorata mara lafiya take yi. Zazzaɓin nan jini yake ci, saboda haka ki riƙa saka hanta, ƙwai dafaffe, wake, zogale da alayyafo, a biyo da lemo ko gwanda. Shayi a ba shi tazara da abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini. Yaron da ya tashi daga gudawa a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu. Soye-soye, yaji da furar talla su jira tukuna.

In amai ya hana komai zama, ko an ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ɗauke, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko yaro ya fara jijjiga, ki sauke tukunyar ku tafi asibiti.