Wainar Asabar Ta Sauka

Tanda ta yi zafi, waina ta sauka, miyar taushe na tafasa. Wanda ke Unguwar Rimi ya biyo ƙamshi, wanda ke nesa ya lashi hoto. Ba a aike, ba a ajiya!

Aminiya: Kai jama'a! Ƙawata, wannan fari haka kamar auduga? Tawa kullum sai ta fito a daƙushe kamar an zauna a kanta.

Amsa: Aminiyar kirki, ba wanda ya zauna a kanta, ƙullinki ne bai tashi ba. Shinkafar tuwo gwangwani 4 za ki jiƙa ta kwana, ki dafa rabin gwangwani daban har ta yi luguf, ta huce, ki haɗa da albasa ɗaya a kai niƙa. Yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 3, ki rufe. Gishiri sai za ki fara suya. Yanzu da hunturu ya sauko Kaduna, ki ba shi awa huɗu zuwa biyar a wuri mai ɗumi, awa biyun nan ta lokacin zafi ce. Kuma ki daina buɗe murfin kina leƙe, ba amarya ba ce.

Taubashi: Ai da gani saye aka yi a Kawo, aka juye a faranti.

Amsa: Taubashina, mai saye ba ta ƙamshin hayaƙi. Zo ka riƙe mini ludayi ka ga aiki, amma guda uku ne ladanka.

Ƙawa daga Bauchi: Masa dai ake cewa, kuma gidanta Bauchi.

Amsa: Ranki ya daɗe, mun sallama muku sunan. Ku kira ta masa, mu kira ta waina, baki ɗaya take shiga.

Maƙwabciya: Maman yara, tun safe ƙamshin ke tsallako katanga. Ni fa tawa tsami take yi, yara su ƙi ci.

Amsa: Katangar ma ta shaida, kwanonki na nan tafe. Tsamin nan ƙullin ne ya wuce lokacinsa. Da kin ga ya kumbura ya yi ƙananan idanu a sama, to ya isa, ki hau suya. In ya riga ya yi tsami, ki jiƙa 'yar kanwa, ki tace, ki zuba ruwan babban cokali ɗaya, ki juya, ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Kar hannu ya zarce, don in ta yi yawa wainar ja za ta yi, ga warin kanwa, sai yaran su ƙara gudu.

Ƙanin miji: Matarmu, ina hanya. A ware mini ashirin.

Amsa: Ashirin kai kaɗai, mijin wasa? To ka biyo da gawayi, sai a duba maganarka.

Yaya Babba: Masha Allah, ƙanwata. Na sayo sabuwar tanda ta ƙasa a Kasuwar Barci, amma duk abin da na zuba sai ya manne.

Amsa: Yaya, sabuwar tanda baƙuwa ce, sai an yi mata marhabin. Ki wanke ta ta bushe sarai, ki shafe kowane gurbi da man gyaɗa, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ta sha man, ki sake shafawa sau biyu ko uku. Zagayen farko ki yafe shi, na tanda ne. Bayan haka, sai gurbin ya yi zafi ki sa mai ƙaramin cokali ɗaya, sannan ƙulli, kuma kar ki cika shi taf. Kar ki juya sai gefen ya yi ja ya saki da kansa. In kika ga waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ce ta yi yawa, ki janye gawayi. In ƙullin ya yi ruwa kuma, ba za ta juyu ba, ya kamata ya zuba daga ludayi kamar koko mai kauri.

Bakano: Mu a Kano da mun sayar da rabi mun ci riba.

Amsa: Ka ji Bakano! Ko a hoto sai ya yi lissafi. Nan ƙasar Zazzau ce, ci muke yi mu ƙoshi.

Ƙanwa: Anti, miyar fa? Ta fi wainar ɗaukar ido.

Amsa: Idonki ya iya zaɓe, auta. Kabewa ki dafa da ƙashi da nama har ta narke, ga tattasai, attaruhu, albasa da daddawa. Gyaɗa niƙaƙƙiya rabin gwangwani ki dama da ruwa kafin ki zuba, in ba haka ba gudaji za ta yi. Alayyahu da 'yar yakuwa su zo ƙarshe, minti biyar ki sauke. Gobe ke ce a gaban tukunya.

Hajiya Umma: Allah ya yi albarka, ya ƙara auki.

Amsa: Amin Umma, na gode. Naki ne zagayen da ya fi kyau, yana cikin kula, bayan la'asar zan kawo da kaina.