Ga Waɗanda Suka Fara Shan Maganin HIV Yau: Abin da Nake So Ku Tafi Gida da Shi

Sannunku da ƙoƙari. Na san ranar da aka faɗa wa mutum sakamakon gwajinsa, rabin abin da muka yi masa bayani ba ya zama a kansa, domin hankalinsa yana wani wuri. Shi ya sa na rubuta muku wannan takarda na haɗa da robar maganinku ta wata ɗaya. Ku karanta ta a nutse, ko ku sa wanda kuka amince da shi ya karanta muku.

Abu na farko: samun ƙwayar cutar HIV a jiki ba shi ne ƙanjamau ba. Ƙanjamau mataki ne na ƙarshe da ake kaiwa idan aka bar ƙwayar cutar ta yi shekaru tana ɓarna babu magani. Tun daga 1996, da aka fara haɗa magunguna uku wuri guda, labarin wannan cuta ya canza. A yau wanda ya fara magani da wuri, ya kuma riƙe shi, yana iya tsufa kamar kowa, ya yi aikinsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya masu lafiya.

A cikin jininmu akwai sojojin garkuwar jiki da ake kira CD4. Mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a gwaji. HIV ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga cikin waɗannan sojoji ta mayar da su wurin haihuwarta, daga nan su mutu. Idan suka yi ƙasa da 200, cututtuka irin su tarin fuka da sanƙarau sukan samu ƙofa. Maganin da muka ba ku yana toshe hanyar hayayyafar ne. Da ta tsaya, jiki yakan samu sararin sake gina sojojinsa.

Robar da ke hannunku an rubuta mata TLD. Ƙwaya ɗaya ce, amma magunguna uku ne a cikinta: tenofobir, lamibudin da dolutegrabir. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗin da ke da dolutegrabir shi ne zaɓin farko, saboda yana da ƙarfi kuma jiki yana karɓarsa da sauƙi. Guda ɗaya ake sha a rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Me ya sa sai kullum?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka zan daɗe a kanta. Maganin ba ya fitar da HIV daga jiki gaba ɗaya. Akwai kaɗan da ke ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin jiki suna barci, inda magani ba ya taɓa su. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka: ba a ganin wuta, amma tana nan, jira take iska ta taɓa ta. Ƙwayar da kuka sha yau tana aiki a jini na kusan yini guda, daga nan ƙarfinta ya fara raguwa. Ta gobe ce ke karɓar ta. Idan aka daina sha, cikin 'yan makonni cutar takan dawo cikin jini, ko da mutum ya yi shekara goma ba a gan ta ba.

Akwai abin da ya fi dawowar muni. Idan ana sha yau a tsallake gobe, maganin da ke jini yakan zama bai ƙare ba kuma bai isa ba. A irin wannan hali cutar takan ci gaba da hayayyafa a gaban magani, har a samu irin da ya saba da shi. Daga nan maganin ba zai ƙara yi wa mutum aiki ba, sai an canza masa wani, wanda sau da yawa ƙwayoyinsa sun fi yawa. Ina so wannan haɗi na farko ya daɗe yana yi muku aiki, shekara da shekaru.

Lokacin da na fi jin tsoro a kanku ba wannan makon ba ne. Yanzu kowa yana tsorace, kowa zai sha. Wata na huɗu ko na shida ne abin kula, lokacin da ƙarfi ya dawo, jiki ya murmure, zuciya ta fara cewa ai an warke. Wannan lafiyar da za ku ji, maganin ne ya kawo ta, kuma shi ke riƙe da ita.

Ku zaɓi lokaci ɗaya da ya dace da rayuwarku, ba wanda ya dace da mu ba. Ku sa ƙararrawa a waya, ko ku haɗa shan da wani abu da ba ya wuce ku, kamar wanke baki da safe. Ku ajiye robar a rufe, nesa da rana da danshi da hannun yara. In tafiya ta kama, maganin ya zama abu na farko da zai shiga jaka, da ƙarin na 'yan kwanaki. Idan akwai mutum ɗaya da za ku iya faɗa wa, ya riƙa tuna muku, hakan yana taimakawa ƙwarai. Amma wanda za ku faɗa wa da lokacin da za ku faɗa, ku ke da wannan iko. Mu sirrinku amana ne a wurinmu.

In kuka manta, ku sha da zarar kun tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, ku bar wanda ya wuce ku sha na gaba a kan lokacinsa. Kada a haɗa biyu. Idan kuka yi amai jim kaɗan bayan sha har kuka ga ƙwayar ta fito, ku sha wata. Mantuwar rana ɗaya ba ta rushe komai, yawan maimaita ta ne ke rushewa.

A makonnin farko wasu sukan ji ciwon kai, tashin zuciya, ko rashin barci. Yawanci yakan wuce da kansa. Wanda barci ya ƙi masa, sau da yawa mayar da shan zuwa safe yakan gyara. Amma idan ƙuraje suka feso tare da zazzaɓi, ko idanu suka yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ku zo a ranar, kada ku jira ranar alkawari. Kuma kada ku dakatar da magani da kanku, musamman masu ciwon hanta nau'in B, domin tenofobir yana riƙe da ita ma, tsayar da shi kwatsam yana iya tayar da hantar.

Ku faɗa mana duk wani abu da kuke sha. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙarfin ƙashi, da na ƙwannafi, suna kama dolutegrabir a ciki su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mai shan maganin tarin fuka kuma, akwai ƙarin ƙwaya da za mu ba shi.

Yanzu ga labarin da nake jin daɗin bayarwa.

Bayan wata 6 za mu ɗebi jininku mu auna yawan ƙwayar cutar, wato guda nawa ne a cikin mililita ɗaya na jini. Za mu maimaita a wata na 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Kafin magani, adadin yakan kai dubbai, wani lokaci dubu ɗaruruwa. Da magani yakan yi ta sauka har ya kai inda na'ura ba ta iya ƙirga shi. A takardar sakamako za ku ga an rubuta <50 ko <20, ko kuma TND, gwargwadon na'urar da aka yi aiki da ita. Duk ma'anarsu ɗaya: cutar ta yi ƙasa har ba a ganinta. Mafi yawan masu sha kullum sukan kai nan cikin wata 6.

Ba a ganinta ba yana nufin an warke ba. Idan aka sake yi muku gwajin HIV, zai nuna tana nan, kuma za ku ci gaba da magani. Duk wanda ya ga wannan sakamako ya ce muku ku ajiye robar, ko ya ce shi ya warkar da ku, kada ku saurare shi.

Abin da yake nufi shi ne abu biyu. Na ɗaya, garkuwar jikinku ta samu hutu. Na biyu, wanda adadin ƙwayar cutar a jininsa yake ƙasa da 200 kuma ya ci gaba da shan magani, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa HIV ta hanyar jima'i. Wannan ba lallashi ba ne. A wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna PARTNER, wanda sakamakonsa ya fito a 2016, an bi ma'aurata da masoyan da ɗayansu ke da HIV yana shan magani, ɗayan kuma ba shi da ita. Sun sadu kusan sau 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Kashi na biyu na binciken, a 2019, ya tabbatar da haka. Na ga matar da ta karɓi wannan sakamako ta riƙe takardar da hannu biyu, tana tambayata sau uku ko da gaske mijinta ya tsira. Da gaske ne.

Sai dai kafin gwaji ya tabbatar, ku yi amfani da kwaroron roba, domin ba a gane adadin da ido ko da yadda jiki ke ji. Kuma saukar adadin ba ta kare ku daga ciwon sanyi da sauran cututtukan jima'i, ba ta hana ɗaukar ciki. Ku kawo abokan zamanku da 'ya'yanku a gwada su. In faɗin ya yi muku nauyi, za mu zauna tare mu tsara yadda za a yi.

Ga masu ciki da masu niyya: ba tare da magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa. Idan uwa tana shan magani kuma adadinta ya sauka tun kafin haihuwa, haɗarin yakan zama kaɗan ƙwarai. A shayarwa ma yana raguwa sosai, amma ba a ce babu shi kwata-kwata ba, shi ya sa ake bai wa jariri nasa maganin kariya a kuma riƙa gwada shi.

Idan sakamako ya dawo sama da 1,000 fa? Ba laifi za mu ɗora muku ba. Za mu zauna mu nemo abin da ke hana shan, mu gyara, mu sake gwaji bayan wata 3. Da yawa daga nan adadinsu yakan sauka ba tare da an canza magani ba. Abin da nake roƙonku shi ne gaskiya. In kun tsallake kwana biyar, ku ce biyar. In ɓoye robar a gida ne ya gagara, ko baƙin ciki ya danne ku har ba kwa son tashi daga shimfiɗa, ku faɗa. Ba ma yi wa kowa faɗa a ɗakin nan, kuma wanda ya daina zuwa ya dawo, da hannu biyu muke karɓarsa.

Ku dawo bayan mako 2, ranar da aka rubuta a katinku, ku zo da robar ko da saura a ciki. Muna nan Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Kada ku bari magani ya ƙare kafin ku zo karɓar wani. In ya rage na mako ɗaya, lokacin zuwa ya yi. Ƙwayar farko kuma, ku sha ta yau. Allah ya ƙara lafiya.

Ma'aikaciyar jinya mai ba da shawara