Tambayoyin ganawa da ayyukan ranar gwaji ga masu neman aikin kashiya

Wannan takarda ta manajan kantinmu na kayan masarufi ce da ke Titin Gidan Zoo, Kano. Mutum uku ne suka nemi aikin, maza biyu da mace ɗaya. Za a gana da su ranar Talata da hantsi, kowa minti 20, sannan wanda ya ci ya zo gwajin wuni guda. An rubuta tambayoyin da "ka". Idan Malamar ce a gabanka, sai ka mayar da su "ki".

Kada ka tambayi kowa ko yana da amana, don babu wanda zai ce maka a'a. Abin da muke so mu gani shi ne yadda mutum yake yi idan lissafi ya ƙi fita, ko kuɗi suka yi rara, ko wani na kusa da shi ya nemi alfarma.

Tambayoyin ganawa

1. Malam, a ina ka taɓa riƙe kuɗin wani, kuma me ya raba ku? Za ka yarda mu tuntuɓi mai wurin?
Wanda ya yi ta kame-kame wajen ba da izini, a rubuta hakan.

2. Mai saye ya ɗauki kayan ₦7,350, ya miƙo maka ₦10,000. Nawa ne canjinsa? Idan ya ƙaro ₦350 fa?
Amsa ₦2,650, sannan ₦3,000. Da ka za a lissafa, ba da waya ba. Kashi na biyun ne yake kayar da mutane, domin na'ura ta riga ta nuna canjin farko, sai kashiya ya rikice ya ba da canji sau biyu.

3. An tashi kasuwa, ka ƙirga ka ga rarar ₦1,500 a durowa. Me za ka yi da ita?
Amsar da muke nema ita ce ya rubuta, ya sanar da manaja, a bi rasit a gano inda ta fito. Wanda ya ce zai ajiye don cike giɓin wata rana, ba lallai ɓarawo ba ne, amma ya saba da ɓoye lissafi, kuma daga nan ɓarna take farawa. Rara a durowa yawanci haƙƙin wani mai saye ne da aka tauye wa canji, ko kaya ne da suka fita ba a shigar da su ba.

4. Ka taɓa samun giɓi? Nawa, kuma yaya kuka ƙare?
Wanda ya shekara yana riƙe durowa ya ce ko sau ɗaya bai taɓa ba, a ƙara bincikarsa.

5. Yayanka ya zo ya ɗebi kayan ₦12,000, ya ce ka bari zai kawo kuɗin bayan Isha'i. Me za ka ce masa?
A sa shi ya faɗi ainihin maganar da zai yi wa yayan. Amsa mai kyau tana kama da haka: "Yaya, ka yi haƙuri, bashi ba a hannuna yake ba, bari in kira maka manaja."

6. Hajiya ta nuna maka wayarta cewa ta tura ₦18,500, amma kuɗin ba su shigo ba, ga layi a bayanta, ga ta tana faɗa. Yaya za ka yi?
Kaya ba sa fita sai an ga kuɗin a asusun kanti ko a na'urar POS ɗinmu. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Amma a saurari ladabinsa: ya ware mata kayanta gefe, ya ba ta wurin zama, ya ci gaba da sallamar na baya, ba tare da ya nuna yana zarginta ba. Sau da yawa matsalar ta netwok ce.

7. Ka ga abokin aikinka yana sayar da lemo ba ya buga rasit. Me za ka yi?

8. Wa zai tsaya maka? Mutum biyu muke so, ɗaya daga cikinsu ba ɗan gidanku ba.

Ranar gwaji

Tun da safe a gaya masa cewa a cikin masu sayen yau akwai namu da za su gwada shi, kuma za a biya shi ₦5,000 da abincin rana ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Wayarsa da kuɗin aljihunsa su zauna a ofis bayan an rubuta adadinsu a gabansa. Wannan kariya ce gare shi ma.

Ƙarfe 8:00, kuɗin canji. A miƙa masa ambulan da aka rubuta ₦20,000 a kai: ₦500 guda 20, ₦200 guda 25, ₦100 guda 30, ₦50 guda 40. A ƙara ₦500 guda ɗaya a cikin ɗaurin, wato ₦20,500 ke nan a zahiri. Idan ya ƙirga ya faɗa, ya ci. Idan ya sa hannu bai ƙirga ba, sakaci ne, ana iya gyara shi da horo. Idan kuwa ya ƙirga a gabanka, ka ga ya maimaita ɗaurin ɗari biyar-biyar, sannan ya yi shiru, a jira lissafin yamma a ga ko zai bayyana ta.

Ƙarfe 9:00, sanin kuɗi. A ba shi ₦1,000 da ₦500, tsoffi da sabbin da Babban Banki ya fitar a 2022, ya nuna yadda yake tantance su: ya ɗaga a haske ya nuna hoton da ke ɓoye a jikin takardar da zaren tsaro, ya shafa rubutun da ke da tudu a ƙarƙashin yatsa. Kada a shigo da jabun kuɗi kanti don gwaji.

Kafin Azahar, ruɗin canji. Ɗaya daga cikin yaran sito zai sayi biskit na ₦300, ya miƙa ₦1,000, sai ya ce, "Kawo dubun nan, ga ɗari biyar," ya karɓe dubunsa, ya ja shi da hira a kan farashin madara, sannan ya nemi canjin ₦700. Canjinsa ₦200 ne. Kashiyan da ya iya aiki yana barin kuɗin mai saye a saman durowa har sai ya ba da canji, kuma yana faɗin adadin da ya karɓa da ƙarfi. Wanda ke jefa kuɗi ciki nan take ba shi da abin da zai nuna idan gardama ta tashi.

Bayan Azahar, kati. A yi ciniki da katin da ba kuɗi a ciki. Rasit zai fito ɗauke da DECLINED, kuma a ido yana kama da na APPROVED, takardarsu iri ɗaya ce. A lura ko yana karantawa kafin ya saki kaya. Sai mai katin ya dage cewa an cire masa kuɗi. Ya kamata kashiya ya ba shi rasit ɗin ya kai bankinsa, kada ya taɓa biyansa daga durowa.

Wajen La'asar, lokacin da kanti ya cika, wata daga cikinmu za ta biya ₦5,350 da ₦6,000, ta fice ba ta karɓi ₦650 ɗinta ba. Ko ya bi ta da kira, ko ya ware kuɗin da ƴar takarda ya sanar da kai. A daidai wannan lokaci direba zai zo ya ce Alhaji ya aiko a ba shi ₦3,000 na man janareto. Ba a fitar da ko sisi sai da takarda mai sa hannun manaja.

Ƙarfe 6:00, rufe lissafi. Shi zai fara ƙirga tsabar kuɗi ya rubuta, kafin a nuna masa jimillar da na'ura ta fitar. Idan ya ga jimillar tukuna, zai daidaita ƙirgarsa da ita. Kuɗin durowa su zama kuɗin canjin safe, a haɗa da cinikin tsaba, a cire abin da aka fitar da takarda. Rasit ɗin POS da na tiransifa a jera su daban, a duba ɗaya bayan ɗaya. Bambancin da bai wuce ₦200 ba muna ɗaukarsa na rashin ƙananan canji.

Jinkiri, kuskuren danna lamba da rashin sabo da na'ura, duk ana koya su cikin mako biyu, kada su hana a ɗauki mutum. Wanda ya ɓoye ₦500 ta safe ko ₦650 ta La'asar, a ba shi dama ya yi bayani a ofis, ba a gaban ma'aikata ba. Idan bayanin bai gamsar ba, a biya shi kuɗin wuninsa a sallame shi cikin mutunci. Manaja ya cike sakamakon kowa a daren, ya kawo wa Alhaji kafin ranar Asabar.