Neman Tallafi: Naɗar Hausar Arewacin Kamaru Domin Na'urorin Gane Magana

Zuwa ga kwamitin tantance buƙatun tallafi, daga ayarin malaman harshe da masu aikin sauti da ke Garwa. Muna neman sefa miliyan 20 da dubu 500, na aikin wata 12, daga Satumba zuwa Agusta.

Dalilin aikin

Na'urar gane magana tana koyo ne daga muryoyin da aka ba ta tare da rubutunsu, kuma abin da ba ta taɓa ji ba sai ta yi ta kame-kame a kansa. Hausar da aka riga aka tara, irin wadda ke cikin Common Voice na Mozilla da FLEURS na Google, karatun jimloli ne da daidaitacciyar Hausa. Hatta tarin GlobalPhone da aka naɗa a Kamaru, wanda aka yi bayaninsa a 2012, karatun jarida ne na mutum ɗari da 'yan kai, bai kai awa 10 ba. Ba haka ake magana a kasuwar Marwa ba. Mai sayar da albasa zai fara jimla da Hausa, ya tsoma kalmar Fulatanci, ya faɗi lambar wayarsa da Faransanci. Da yawa daga waɗanda suka koyi Hausa a kasuwa ba sa bambanta k da ƙ, ba sa kuma tsananta wa "ya" da "ta". Waɗannan mutanen su suka fi bukatar wayar da za su yi wa magana ta fahimta, domin saƙon murya suke aikawa, rubutun boko bai dame su ba.

Abin da za a tara

Awa 200 daga mutum 400, ɗari-ɗari a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kuseri, kowa rabin awa. Rabinsu mata ne, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu waɗanda suka haura shekara 50. Ba za mu naɗi wanda bai kai 18 ba. Kimanin awa 65 karatu ne da lissafi: lambobi, ranaku, farashi, sunayen garuruwa da unguwanni. Sauran awa 135 magana ce ta sakin baki a kan noma, kiwo, ciniki, rashin lafiya, tafiya da aika kuɗi ta waya. Wanda ba ya karanta boko za a nuna masa hoto ya bayyana abin da ya gani. Ba za a karanta masa jimla ya maimaita ba, saboda mai maimaitawa yana kwaikwayon karin muryar wanda ya faɗa masa, sai a wayi gari an tara muryar ma'aikaci ɗaya a bakin mutum hamsin.

Yadda za a naɗa

Kowane gari yana da ayarin mutum biyu, mace da namiji. Mun dage a kan wannan, don akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba, kuma in babu mace a ayarin, muryoyin matan aure sun kuɓuce ke nan. Kowane ayari zai riƙe rakoda ɗaya, makirfo mai maƙalawa a kai, da abin saurare na kunne. Makirfo zai tsaya kamar yatsa biyu daga gefen baki, don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Za a naɗa a tsarin WAV, 48 kHz, 16-bit, layi ɗaya. Awa guda tana cin kusan MB 346, duka aikin kusan GB 69. Kashi ɗaya cikin biyar za a haɗa da naɗi ta ƙaramar wayar Android a lokaci guda, tun da ta irinta ce jama'a za su yi amfani da na'urar. Kwafin horarwa za a sauke shi zuwa 16 kHz:

```
ffmpeg -i asali.wav -ar 16000 -ac 1 horo.wav
```

Naɗi zai gudana daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ruwa a kan rufin kwano yana binne murya, a Maris da Afrilu kuwa zafin Garwa ba ya barin a kashe fanka, ita kuma fanka ƙararta tana shiga kowace daƙiƙa. Matsalar hunturu ƙura ce da bushewar maƙogwaro, shi ya sa akwai jakar rufe kaya da ruwan sha a kowane zama. Ɗakin da muka fi so shi ne mai tabarma da labule. Ɗakin siminti wayam yana amsa kuwwa, kuma da wuya a cire ta daga baya. Ana dakatawa lokacin kiran salla, ko in an tayar da janareta ko injin markaɗe a maƙwabta. Kafin kowane zama a naɗi daƙiƙa 10 na shiru a saurara, da yamma kuma a kwafe komai zuwa faifai biyu.

Rubutawa

A nan yawancin irin wannan aiki ke lalacewa. Awa ɗaya ta magana sakakkiya tana cin kusan awa 10 kafin a rubuce ta, don haka marubuta 4 za su yi wata 6 da manhajar ELAN, awa 4 a rana, domin bayan haka kunne ya gaji sai hannu ya fara rubuta abin da ake zato. Ƙa'idarmu ita ce a rubuta abin da aka faɗa, ba a gyara wa kowa nahawu. Haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) dole ne, don in aka bar su "ƙasa" da "kasa" sun zama abu ɗaya a wurin na'ura. Lambobi da kuɗi da kalmomi za a rubuta su: in ya ce "jaka biyu", jaka biyu ce. Kalmar Faransanci ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa za a sa mata alama. Dariya, tari da katsewar magana su ma da alamarsu. Duk abin da wani ya rubuta sai wani ya sake saurare.

Yardar masu magana

Za a yi wa kowa bayani da baki, da Hausa, a naɗi amincewarsa: muryarsa za ta fita fili, kowa zai iya saukewa, kuma yana da damar janyewa har ranar fitarwa. Lamba za ta maye sunansa. Za a ajiye jinsi, rukunin shekaru, gari da harshen gida kawai, a goge duk suna ko lambar waya ta gaskiya da ta suɓuce a hira. Za mu bi dokar kare bayanan mutane da Kamaru ta yi a Disamba 2024.

Kasafi (sefa)

Kayan aiki (rakoda 4, kwamfuta 5, faifai, batir da sola): 3,200,000
Ladan masu magana, 5,000 kowa: 2,000,000
Masu naɗi 8, wata 4: 3,200,000
Marubuta 4, wata 6: 2,880,000
Masu kula da aiki 2, wata 12: 4,800,000
Horo, sufuri da hayar ɗaki: 2,500,000
Intanet da hayar injin gwaji: 900,000
Ko-ta-kwana: 1,020,000
Jimla: 20,500,000

Gwaji da miƙawa

Za a ware muryoyin mutum 40 don gwaji, ba ɗaya daga cikinsu da zai shiga rukunin horarwa; in murya ɗaya ta shiga ɓangarorin biyu, sakamako zai yi kyau a takarda, ya faɗi a kasuwa. Za mu gwada na'urar gane magana ta Whisper a kansu kafin ƙarin horo da bayansa, mu fitar da adadin kuskuren kalma gari-gari, maza daban, mata daban. A watan Agusta za a saki sauti, rubutu da littafin ƙa'idojin rubutawa kyauta a ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, a kuma kai kwafi kan faifai ga jami'o'in Ngaundere, Marwa da Garwa. Rahoton kuɗi zai riƙa zuwa muku duk bayan wata uku, tare da rasidai.