Yadda Rigakafi Ke Aiki a Jikin Ɗan Adam

Karanta wannan bayani da kyau, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Duk lokacin da ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum a karon farko, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki, sukan ɗauki kwanaki kafin su gane ta, su kuma ƙera sinadarin kariya da ya dace da siffarta, kamar yadda kowane kwaɗo yake da nasa makulli. A cikin waɗannan kwanaki ne cutar ke samun damar hayayyafa har ta kwantar da mutum. Idan ya warke, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan riƙe kamannin cutar shekara da shekaru, ta yadda in ta dawo za su far mata tun kafin ta zauna da gindinta.

Wannan ƙwaƙwalwa ta jiki ita ce rigakafi ya dogara a kanta. Ana sanya wa mutum ƙwayar cutar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɓangare nata kawai, sai jiki ya yi atisaye a kanta ba tare da ya sha wahalar ainihin ciwon ba. Ɗan zazzaɓi ko kumburin damtse da kan biyo bayan allura, wanda yakan tayar wa iyaye hankali, galibi alama ce ta wannan atisaye, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu alluran sai an maimaita su, domin darasi ɗaya ba ya isar jiki.

A shekarar 1796 wani likita ɗan Ingila, Edward Jenner, ya gwada abin da makiyaya suka daɗe suna faɗa, cewa masu tatsar nonon da suka taɓa kamuwa da aganar shanu ba su cika kamuwa da agana ba. Ya sanya wa wani yaro ruwan ƙurjin aganar shanu, daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa.

Ƙyanda kuwa tana nan, kuma saboda saurin yaɗuwarta sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na jama'a rigakafi kafin ta rasa hanyar ratsawa zuwa ga jariran da ba su isa karɓar allurar ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba kasafai ƙyanda ke kama mutum sau biyu ba?
2. Wani ya kamu da cuta kwana biyu bayan an yi masa rigakafinta. Shin wannan ya nuna allurar ba ta aiki? Kawo hujja daga bayanin.
3. Me gwajin Jenner ya nuna game da kamannin ƙwayoyin cututtukan biyu?
4. Idan ƙwayar cuta ta sauya siffarta, me kake ganin zai sami tsohon rigakafinta? Yi amfani da misalin kwaɗo da makulli.
5. Ta yaya ƙin karɓar rigakafi zai iya shafar jaririn maƙwabci?